Alkawarin da ke zaune a wayoyin mutane: HSTS da hatsarin gaggawa

Da wuya ka ga wanda ke rubuta cikakken adireshin shafin intanet idan ya ɗauki waya. Sunan banki ko na makaranta kawai ake rubutawa a danna, ko kuma a taɓa wani tsohon adireshi da aka turo ta saƙo. Sauran aikin na burauza ne, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, irin su Chrome da Firefox da Safari. Shekara da shekaru, idan aka ba burauza suna kaɗai, sai ta fara neman shafin ta hanyar `http://`, hanyar da ba ta ɓoye komai: duk wanda ke tsakaninka da shafin yana iya karanta abin da ke wucewa, yana kuma iya canza shi. Idan shafin na masu kula ne, sai ya amsa ya ce a koma `https://`, inda ake kulle saƙonni, kuma shafin ke gabatar da satifiket ɗinsa don a tabbatar shi ne. Wannan juyawar tana faruwa cikin ƙiftawar ido, mai waya ba ya ma lura.

A cikin wannan ƙiftawar idon ɓarna take. A shekarar 2009, a taron Black Hat DC a Amurka, wani masanin tsaro mai suna Moxie Marlinspike ya nuna wata manhaja da ya kira `sslstrip`. Dabararta mai sauƙi ce, kuma sauƙin ne ya tsorata mutane. Maharin yana zama a tsakiya, a ce a kan waifai ɗin otal ko na tashar jirgi. Idan wayarka ta aika buƙatar farko a buɗe, shi ne zai tare ta. Sai ya je wa bankin ta `https://` a madadinka, ya karɓo shafin, ya miƙo maka shi ta `http://`. Bankin yana ganin komai a kulle yake, kai kuma kana ganin shafin da ka saba gani. Lambar sirrin da ka rubuta kuwa ta bi ta hannunsa tsirara. Bai fasa wani kulle ba, hana ka isa wurin kullen kawai ya yi. Sababbin burauzoji sun rage wannan giɓi, domin yanzu sukan fara gwada `https://` tukuna, amma idan bai amsa ba da yawa sukan koma tsohuwar hanya, kuma mai iya zama a tsakiya yana iya sa ya ƙi amsawa.

Maganin da aka samar shi ne HSTS. Tushensa wani aiki ne da Collin Jackson da Adam Barth suka wallafa a 2008, sannan su biyun tare da Jeff Hodges suka rubuta ƙa'idar da ta fito a watan Nuwamba na 2012 da lamba RFC 6797. Duk abin layi ɗaya ne. Kowace amsa da saba ke aiko wa burauza, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, tana zuwa da wasu layukan bayani a samanta waɗanda mai karatu ba ya gani. Mai shafi yana ƙara wannan a cikinsu:

```
Strict-Transport-Security: max-age=31536000
```

Adadin da ke ƙarshe daƙiƙoƙi ne, kuma 31536000 shekara guda ke nan cif. Da burauza ta ga wannan layi, sai ta rubuta sunan shafin a ma'ajiyarta, ta riƙe abubuwa biyu har wa'adin ya cika.

Na farko, ba za ta sake zuwa wa shafin ta `http://` ba. Ko da ka rubuta `http://` da hannunka, ko ka taɓa tsohon adireshi, ita da kanta za ta mayar da shi `https://` tun kafin wani abu ya fita daga wayar. Ke nan mai jiran buƙatar farko a tsakiya ba shi da abin tarewa.

Na biyu shi ne wanda masu shafuka da yawa ba sa karantawa da kyau. A al'ada, idan satifiket ɗin shafi ya sami matsala, ko wa'adinsa ya ƙare ko sunan da ke jiki bai dace ba, burauza takan nuna gargaɗi, amma ta bar wata 'yar ƙofa: ka danna `Advanced`, ka ce na ji na gani, ka wuce. Ƙa'idar HSTS ta ce a toshe wannan ƙofar. Idan satifiket bai inganta ba, a yanke hulɗa, kada a tambayi mai waya ra'ayinsa. Dalilin a fili yake: mutane sun saba danna “ci gaba” ba tare da karantawa ba, kuma ranar da gargaɗin zai zama na gaskiya, ranar ma haka za su danna. Abin ya yi kama da maigidan da ya ce wa maigadinsa, daga yau har shekara guda kada ka buɗe wa kowa sai da katin shaida, ko da ni ne. Umarni ne mai kyau ƙwarai, har zuwa daren da maigidan zai dawo ya tarar katinsa ya lalace.

Akwai ƙananan sharuɗɗa biyu da za su yi amfani nan gaba. Burauza ba ta karɓar wannan layi sai ya zo ta `https://` mai ingantaccen satifiket. Idan ya zo a buɗe, watsi take yi da shi, don kada wani a tsakiya ya riƙa sawa ko cirewa yadda ya ga dama. Sannan wa'adin sabuntuwa yake yi a duk ziyara. Wanda ya shiga shafin yau, shekararsa daga yau za ta fara ƙirguwa, ba daga ranar da ya fara shiga ba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne inda alkawarin yake zaune. Ba a kan sabar mai shafi yake ba. Yana cikin wayoyi da kwamfutocin duk waɗanda suka taɓa ziyarta, kowa da nasa kwafin, kowa da ranar ƙarewarsa. Yawancin kurakuran da ake yi wajen saita shafi, idan aka gane, sai a goge layin a sake kunna saba, a wuce wurin. Wannan idan ka goge shi daga sabarka, ba ka taɓa ko waya ɗaya daga cikin waɗanda suka riga suka ji ba.

Yadda kalma ɗaya ke rufe ƙofofi da yawa

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata kwaleji tana da babban shafinta a `example.com`. Shi wannan sabo ne, yana da satifiket, komai tsaf. Amma kwalejin tana da rassa a ƙarƙashin sunan: `portal.example.com` inda ɗalibai ke duba sakamako da yin rajista, wanda wani ɗan kwangila ya gina shekarun baya kuma har yanzu ta `http://` kaɗai yake aiki, da `mail.example.com`, da wata tsohuwar kwamfuta a ofishin kuɗi da ma'aikata ke shiga ta `bursary.example.com`, wadda ba a ganinta sai daga cikin harabar makarantar.

Sai mai kula da babban shafin ya auna shi a ɗaya daga cikin manhajojin da ke ba shafuka maki kan tsaro. Aka ce masa ba shi da HSTS. Ya nemo layin da ake yawan bayarwa, ya kwafa ya liƙa:

```
Strict-Transport-Security: max-age=31536000; includeSubDomains
```

Maki ya tashi, babban shafi yana buɗewa lafiya, ya tafi gida. Amma kalmar `includeSubDomains` tana nufin alkawarin ya hau kan duk wani suna da ke ƙarƙashin `example.com`, wanda ya sani da wanda bai taɓa jin labarinsa ba. Daga wannan lokacin, duk ɗalibin da ya leƙa babban shafin ko sau ɗaya, burauzarsa ta ɗaure. Idan ya nufi wurin duba sakamako, za ta je ta `https://`. Idan tsohuwar sabar ba ta saurare ta wannan hanyar kwata-kwata, sai ya ga saƙon cewa an kasa isa shafin. Idan kuma tana amsawa da satifiket mai ɗauke da wani suna dabam, kamar yadda yake yawan faruwa a sabar da ake haya tare da wasu, Chrome zai nuna `NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID`, ya ƙara da cewa ba za a iya shiga ba domin shafin yana amfani da HSTS. Babu maɓallin wucewa.

Abin da ke wahalar da masu gyara shi ne ciwon ba ya kama kowa lokaci guda. Ɗalibin da ya saba zuwa wurin sakamako kai tsaye, bai bi ta babban shafin ba, yana shiga lafiya. Abokinsa da ke zaune kusa da shi, a kan layin sadarwa ɗaya, ya kasa. Ɗan kwangilar zai gwada daga kwamfutarsa ya rantse komai lafiya, kuma gaskiya ya faɗa. Za a zargi kamfanin waya, a zargi wayar ɗalibi, a ce ya kashe ya kunna. Koke kuma kullum ƙaruwa yake yi, domin kowace rana sababbin mutane suna bi ta babban shafin suna ɗaukar alkawarin. A ma'ajiyar bayanan tsohuwar sabar ba za a ga kuskure ko ɗaya ba, saboda buƙatun ba su ma isa ƙofar da take saurare ba.

Ana iya gane shi idan an san abin da ake nema. Alama ta farko ita ce mutum ya rubuta `http://` ƙarara, ya ga ya koma `https://` nan take, ko ya maimaita sau nawa. Ta biyu, a buɗe wannan adireshin a wata burauzar da ba ta taɓa zuwa babban shafin ba, sai ya buɗe. Mai kula da shafi zai iya tabbatarwa da umarni ɗaya, wanda zai nuna masa ainihin layin da sabarsa ke aikawa:

```
curl -sI https://example.com | grep -i strict
```

A Chrome kuma akwai shafin ciki, `chrome://net-internals/#hsts`, inda ake rubuta suna a ga ko burauzar ta riƙe shi, har ma a goge. Wannan yana gyara waya ɗaya ko kwamfuta ɗaya. Ba wanda zai bi dubban ɗalibai gida-gida yana goge musu.

To, yaya ake warware shi? Ƙa'idar ta tanadi hanyar janyewa: a aika layin da `max-age=0`, burauza ta manta. Amma a tuna da sharaɗin nan na baya. Sai mutum ya sake ziyartar `example.com` ɗin kansa, ta `https://` mai inganci, kafin ya ji janyewar. Reshen da ya toshe ba zai iya janye alkawarin da uwa ta ɗauka ba. Kwalejin za ta iya sanarwa cewa kowa ya fara buɗe babban shafi kafin ya tafi wurin rajista, kuma hakan zai ceci wasu, amma wanda sanarwar ba ta kai gare shi ba zai ci gaba da ganin ƙofa a rufe har wa'adinsa ya cika. Shi ya sa a mafi yawan lokuta gyara na haƙiƙa shi ne a cika alkawarin: a samo wa kowane reshe satifiket cikin gaggawa. Ga reshen da ke buɗe ga duniya wannan ba wuya, domin akwai masu ba da satifiket kyauta irin su Let's Encrypt, kuma HSTS ba ya hana su tantancewa tunda burauzoji kaɗai ya ɗaure. Inda ake shan wuya shi ne irin kwamfutar ofishin kuɗin nan, wadda ba a ganinta daga waje, manhajarta ta tsufa, wanda ya kafa ta kuma ya daɗe da barin aiki. Aikin da ya kamata a yi cikin natsuwa a wata guda, sai a yi shi a tsaye ana tsakiyar rajista.

Ko shafin da ba shi da rassa yana da nasa haɗarin, wato ƙarewar satifiket. Na Let's Encrypt kwana 90 ya saba yi, kuma an tsara shi ne don ya riƙa sabunta kansa. Idan sabuntawar ta tsaya ba wanda ya lura, shafi marar HSTS zai nuna gargaɗi, masu matsananciyar buƙata su lallaɓa su wuce. Mai HSTS kuwa a rufe yake ruf ga duk wanda ya taɓa ziyartarsa, wato ga amintattun masu hulɗarsa ke nan, har sai an sabunta. Wannan nauyin ƙaruwa zai yi, domin a 2025 majalisar masu ba da satifiket da masu burauzoji, CA/Browser Forum, ta amince a riƙa rage tsawon ran satifiket mataki-mataki har ya koma kwana 47 a 2029. Wanda har yanzu da hannu yake sabuntawa, yana dogara da tunawarsa, bai kai lokacin ɗaukar alkawarin shekara ba. Wani lokacin ma laifin ba na shafin ba ne: wayar da agogonta ya koma wata shekara ta baya za ta ga kowane satifiket kamar lokacinsa bai zo ba. Idan kai mai karatu ne kawai ka ci karo da irin wannan rufewar, fara duba kwanan watan wayarka. Idan daidai yake, kada ka nemi dabarar tsallakewa, musamman a shafin kuɗi, domin mai yiwuwa abin da aka kafa katangar dominsa ne ke faruwa.

Jerin da ake shiga da sauƙi

HSTS yana da rauni guda da aka sani tun farko: ziyarar farko. Burauzar da ba ta taɓa jin layin ba, ba ta san da alkawarin ba. Don toshe wannan, masu Chrome suna riƙe da wani jerin sunaye da ake ɗinkawa a cikin burauzar kanta tun daga masana'anta, kuma Firefox da Safari da Edge suna gina nasu a kansa. Ana neman shiga ta `hstspreload.org`. Sharuɗɗan sun haɗa da wa'adin aƙalla shekara guda, da `includeSubDomains`, da ƙarin kalmar `preload` a ƙarshen layin.

A nan `max-age=0` ba ya aiki, domin sunan yana cikin jikin manhajar. Sai an cire kalmar daga layin, an nemi fita, sannan a jira sabon zubin burauza ya fito ya isa wayoyin mutane. Masu jerin da kansu suna gargaɗin cewa wannan yana ɗaukar watanni, kuma ba su da iko da sauran burauzoji. Wayar da ba a sabunta manhajojinta, irin wadda mai ita ke tattalin data, tana iya riƙe tsohon jerin fiye da haka nesa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kalmar `preload` ke yawo a cikin misalan da ake kwafa. Sanya ta a layi tamkar ba da izini ne, kuma da zarar shafi ya cika sharuɗɗan, ba lallai sai mai shi ne zai miƙa sunan ba.

An ga ƙarfin wannan jeri a zahiri a ƙarshen 2017. Masu gina shafuka da yawa a duniya sun saba raɗa wa shafukan gwaji da ke kan kwamfutocinsu sunaye masu ƙarewa da `.dev`, suna ganin ba na kowa ba ne. Alhali kamfanin Google ya mallaki wannan ƙarshen suna, kuma ya sa shi ɗungurungum a cikin jerin. Da Chrome 63 ya fito a watan Disamba na shekarar, sai shafukan gwajin nan suka daina buɗewa ta `http://`. Ba su yi wani kuskure a ranar ba, alkawari ne aka ɗauka a samansu ya hau kansu, kamar yadda ya hau kan reshen kwalejin misalinmu. Da yawa sai suka koma `.test`, wanda aka keɓe don gwaji tun 1999. Gwamnatin Amurka kuwa, da ta bayyana a 2020 cewa tana da niyyar sa `.gov` gaba ɗaya a jerin, ba ta yi shi dare ɗaya ba. Ta fara da sababbin sunayen da aka yi wa rajista daga watan Satumba na shekarar, ta ba tsofaffin lokaci su shirya, saboda ta san akwai dubban shafukan ƙananan hukumomi da za su ɓace wa jama'a idan aka yi gaggawa.

Ba ina cewa a guji HSTS ba ne. Shafin da ke karɓar lambar sirri ko kuɗin mutane kuma ba shi da shi, ya bar giɓin da aka san yadda ake shiga tun 2009, kuma ina ganin wannan sakaci ne. Abin da ake bukata shi ne a jera aikin yadda ya kamata, layin ya zo a ƙarshe. Kafin a taɓa shi, a buɗe rajistar sunayen shafin, wato bayanan DNS, a rubuta kowane reshe a takarda, har da na cikin gida da waɗanda wani kamfani ke riƙe wa ma'aikata, kamar na aika wasiƙu ko na karɓar biya. A gwada kowanne ta `https://`. A kuma jira a ga satifiket ya sabunta kansa aƙalla sau ɗaya ba da hannun kowa ba, tare da wata hanyar da za ta yi ƙararrawa idan ya rage kwanaki kaɗan.

Daga nan sai a fara da ƙaramin wa'adi. Matakan da masu jerin suke ba da shawara su ne minti biyar, sannan mako guda, sannan wata guda:

```
max-age=300; includeSubDomains
max-age=604800; includeSubDomains
max-age=2592000; includeSubDomains
```

Hikimar sa `includeSubDomains` tun a matakin minti biyar ita ce, idan akwai reshen da aka manta, a nan zai bayyana, kuma da an cire layin kowa zai warke kafin ya gama shan shayi. A kowane mataki ana jira har cikakken wa'adin ya wuce ana sauraron koke, kafin a hau na gaba. Matakin wata guda shi ne mai tona asiri, domin akwai shafukan da ba a buɗe su sai ƙarshen wata, kamar na biyan albashi. A makaranta ma ya kamata a bari zangon rajista ko na fitar sakamako ya wuce a kan wannan matakin, tunda a lokacin ne ake taɓa rassan da suke kwance duk shekara. Idan aka tarar akwai reshen da ba zai iya komawa `https://` ba a yanzu, babu laifi a bar `includeSubDomains` a gefe, a sa layin a kan babban shafi da kowane reshen da ya shirya ɗaya bayan ɗaya. Kariyar ba ta kai ta cikakken ba, amma ta fi babu nesa.

Maganar `preload` kuma ba ta mai kula da saba shi kaɗai ba ce. Tana ɗaure duk reshen da ma'aikatar za ta buɗe nan da shekaru, da duk ɗan kwangilar da za a ɗauka, har da wanda zai sayi sunan idan an sayar. Ya kamata shugabannin wurin su san da ita, a rubuta ta a takardar da ake miƙa wa duk wanda zai gina sabon abu a ƙarƙashin sunan, tare da sharaɗin cewa ba a karɓar aiki sai ya zo da satifiket mai sabunta kansa tun ranar farko.